Rabin karin magana ya isa a yi mata bayani?

Hadiza: Kullum da safe nakan fitar da karin magana da bayaninta a layi biyu, ta yau ita ce "Ta faru ta ƙare". Na yi bayani cewa abin da ya wuce ya wuce, mutum ya fuskanci gaba. Wani ya ce na ɓata ta don ban ƙarasa ba. Ni kuwa na ce rabi ya isa.

Malam Habu: 'Yata, mutumin nan ya fi ki gaskiya. Ƙarashen shi ne "an yi wa mai dami ɗaya sata". Manomi ne da duk abin da ya samu a daminar bai wuce damin dawa ɗaya ba, ɓarawo ya zo ya ɗauke. Mai dami hamsin in an sace masa ɗaya zai shiga ƙirge da gyaran rumbu. Shi wannan ba sauran abin ƙirgawa. Ana faɗin ta ne in asara ta kai maƙura, sau da yawa da 'yar dariyar takaici. Ba lallashi a cikinta.

Sagir: Amma Malam, ai Bahaushe da kansa yake yanke ta. In na ce "Kowa ya ɗebo da zafi", wa zai jira in ce "bakinsa"?

Malam Habu: Haka ne, saboda mai sauraronka ya san sauran, yana ƙarasawa a zuci. Kuma a taka, ƙarashen bai sauya alkibla ba. Akwai waɗanda wutsiyarsu ke juya kan maganar. Duba "Sannu ba ta hana zuwa". In ka tsaya nan, ka yabi mai tafiya a hankali. In ka ƙara "sai dai a daɗe ba a je ba", ka ɗan zungure shi. Mai bayani a layi biyu yana yi ne don wanda bai sani ba, to shi wa zai ƙarasa masa?

Maman Ummi: Ni dai kakata ta sha faɗa mini wannan ta sannu in ina nawa wajen daka, kuma wallahi ba yabona take yi ba.

Nura: Wai cewa ake a daina rubuta karin magana kullum? Ni ina ƙaruwa fa.

Sagir: Ba wanda ya ce haka, ɗan'uwa, koma sama ka karanta. Malam, ni inda nake ja shi ne, yau matasa da yawa in sun ce "ta faru ta ƙare" nufinsu a rufe zancen. Ma'ana ai tana bin bakin masu magana.

Malam Habu: Tana bi. To sai Hadiza ta rubuta cikakkiya, ta faɗi halin da ake kawo ta, sannan ta ce yau wasu haka suke amfani da rabinta.

Hadiza: Wannan ya zama layi huɗu ke nan, Baba, kuma mutane ba sa karanta dogon abu da safe. Ta gobe zan gwada, in ga ko za su tsaya.