Wasiƙar soke inshorar mota: ranar da za a rubuta da kuɗin da ke dawowa

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Assalamu alaikum. Na yi wa motata cikakkiyar inshora ta shekara guda a kan darajar naira miliyan 8, na biya naira 400,000, kuma ta fara aiki ranar 1 ga Maris. Yau 20 ga Yuni na sayar da motar, ejan ɗin da ya yi mini inshorar kuma ya ce sai na rubuta wa kamfani wasiƙa kafin a yi maganar mayar da kuɗi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin haka su faɗa mini abin da suka rubuta da abin da aka biya su.

Ma'aikaciyar gwamnati daga Kaduna: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Lissafin ba shi da wuya, domin ana raba kuɗin ne a kan kwanakin shekara, a mayar maka da na kwanakin da suka rage. Idan aka soke taka a ƙarshen Yuni, saura kwana 243 cikin 365, wato kimanin naira 266,000. Haka aka yi mini lokacin da kamfanin da nake hulɗa da shi ya aiko mini da sanarwar cewa ya janye daga inshorar motata.

Tsohon ma'aikacin sashen inshorar motoci: Hajiya, lissafinki daidai ne, amma ya yi aiki a kanki ne saboda kamfani ne ya soke. Yawancin yarjejeniyoyin mota da suka ratsa ta hannuna sun bambanta hali biyu: idan kamfani ya soke, yana mayar da kuɗin sauran kwanaki cif, idan kuwa mai mota ne ya nema, kamfani yana riƙe kasonsa bisa jadawalin gajeren zango, wanda ya fi lissafin kwana-kwana nauyi a kan mai mota. Jadawalin da na fi yin aiki da shi yana cewa wanda bai wuce wata 3 ba a riƙe masa kashi 50 cikin 100, wanda bai wuce wata 4 ba kashi 62.5, wanda bai wuce wata 6 ba kashi 75, wanda ya haura wata 8 kuwa ba a mayar masa da ko sisi. Kamfanoni sun bambanta, saboda haka Alhaji ya buɗe takardar yarjejeniyarsa ya karanta sakin layin da ya yi maganar sokewa kafin ya ɗauki alƙalami.

Idan jadawalinsa irin wannan ne, to ranar da ya rubuta a wasiƙar ita ce ke yanke kuɗin. Watansa na huɗu yana cika ne ranar 30 ga Yuni. Sokewar da ta fara aiki a wannan rana ko kafinta za ta sa a riƙe naira 250,000 a mayar masa da 150,000, amma da zarar ta tsallaka zuwa 1 ga Yuli ya faɗa zango na gaba, a riƙe 300,000 a ba shi 100,000. Yarjejeniyoyi da yawa suna kuma neman sanarwar kwana 7, wanda ke nufin wasiƙarsa ta isa hannunsu zuwa 23 ga Yuni, ba ya tsaya sai ranar ƙarshe ba.

Direban kamfanin sufuri daga Gusau: Ni da aka aike ni da irin wannan wasiƙa a madadin maigidana, matsalar da muka gamu da ita ta hujja ce. Mun miƙa wa ejan hannu da hannu, shi kuma ya ajiye ta a jakarsa, sai da ya ga dama ya kai ofis, kamfani kuwa ya yi lissafi daga ranar da ta shiga wurinsu. Tun daga nan kwafi biyu nake kaiwa ofishin da kaina, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya in dawo da shi.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Na gode muku. To, tunda yau motar ta bar hannuna, me zai hana in rubuta yau a matsayin ranar sokewa, ko da wasiƙar za ta isa daga baya?

Tsohon ma'aikacin sashen inshorar motoci: Ka nema, Alhaji, ka haɗa da kwafin takardar ciniki, domin hujjarka mai ƙarfi ce: wanda ya sayar da mota ba shi da sauran abin da zai yi asara a kanta. Na ga inda aka amince, na kuma ga inda aka tsaya a kan kwanakin sanarwa. A halinka duka ranakun biyu suna cikin zango ɗaya, don haka ba abin jayayya ba ne. Ga abin da zan sa a wasiƙar, ko da za a juya ta zuwa Turanci kamar yadda ofisoshin suka saba karɓa:

"Ni ne mai yarjejeniyar inshora mai lamba kaza, a kan mota ƙirar kaza mai lambar rajista kaza, wadda ke aiki daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu. Ina sanar da ku cewa na sayar da motar ranar 20 ga Yuni, kuma ina neman a soke yarjejeniyar daga wannan rana, ko kuma, idan sharaɗin sanarwa ya hana, daga 30 ga Yuni ba tare da wuce ta ba. Ban nemi diyya ba a wannan zango, kuma babu wani haɗari da ban sanar da ku ba. Ina neman a mayar mini da ragowar kuɗin da na biya zuwa asusuna mai lamba kaza, tare da rubutaccen bayanin yadda aka yi lissafin da takardar tabbatar da sokewa. Na haɗa da asalin satifiket ɗin inshorar, da kwafin rasit, da kwafin takardar ciniki."

Sunan asusun bankin ya zama shi ne sunan da ke kan yarjejeniyar, kuma idan da bashin banki aka sayi motar har aka rubuta sunan bankin a ciki, kamfani zai nemi amincewarsa.

Malamin makaranta daga Azare: Jimlar nan ta diyya ita ce ta kayar da ni. An biya ni kuɗin gilashin gaba da ya fashe a farkon shekara, abin da bai taka kara ya karya ba, amma da na nemi sokewa sai aka nuna mini sharaɗin da ya ce ba a mayar da komai idan an biya diyya a zangon. Har yanzu ina ganin da an cire kuɗin gilashin an ba ni saura da ya fi adalci, sai dai na sa hannu a kan sharaɗin.

Matashi mai sayar da wayoyi: Baba, ni ma na daina zubin takaful na karatun yara, abin da aka ba ni bai kai abin da na zuba ba. Wannan jadawalin ne aka yi mini amfani da shi?

Tsohon ma'aikacin sashen inshorar motoci: A'a, ɗana, naka tsari ne na ajiya mai dogon zango, kuma ƙa'idar janyewa daga cikinsa daban take da ta inshorar mota ta shekara guda; tana cikin takardar da aka ba ka lokacin shiga.

Ma'aikaciyar gwamnati daga Kaduna: Na karɓi gyara, Malam, amma ina da ƙari. Idan Alhaji zai sayi wata motar nan kusa, ya tambaya ko za a mayar da inshorar kan sabuwar, ya biya bambancin daraja kawai, kada a riƙe masa naira 250,000 a kan wata huɗu. Mai sayen tsohuwar kuma ya yi tasa, ko da ta ɓangare na uku ce, wato mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani kawai, wadda NAICOM, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, ta mayar naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023. Idan kuma an soke, kuɗin suka ƙi fitowa bayan tunatarwa a rubuce, hukumar tana karɓar ƙorafi, kuma kwafin nan mai hatimi yana cikin abin da za a haɗa.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Na duba takardata, sanarwar kwana 7 ce, amma jadawalin ba ya cikin shafukan da aka ba ni. Zan ƙara jimla a wasiƙar ina neman a aiko mini da shi, kuma gobe da safe zan kai ta ofis da kaina in sha Allahu. Maganar sabuwar mota ban yanke ba tukuna.