Kibiya da ɗigo: wa ya taɓa cin karo da irin wannan a konkur?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum. Wani abokina ya turo mini hoton tambaya irin ta gwajin basira da ake sawa a konkur, tun jiya nake kanta. Akwatuna huɗu ne a jere, kowane da kibiya a tsakiya da ɗigo a kusurwa. Kibiya: ta 1 tana kallon sama, ta 2 kusurwar sama ta dama, ta 3 kusurwar ƙasa ta dama, ta 4 hagu. Ɗigo: sama ta hagu baƙi, ƙasa ta hagu fari, ƙasa ta dama baƙi, sama ta dama fari. Ana son na biyar. Waɗanda suka taɓa zama irin jarrabawar nan, yaya kuka yi?

Ta Zariya: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne ƙanena. Akwati kusurwa huɗu gare shi, an zagaye an gama, na biyar zai koma kamar na farko. Kibiya sama, ɗigo baƙi a sama ta hagu. Ni haka na yi a tawa bara.

Malamin Lissafi: Hajiya, kin samu ɗigo amma kibiya ta kuɓuce miki. Nima abin da ya kayar da ni ke nan karon farko, na ɗauki hoton duka a matsayin abu guda. Abu uku ne ke tafiya, kowane da hanyarsa. Ɗigo yana taka kusurwa ɗaya ɗaya, saɓanin hannun agogo, don haka ya koma sama ta hagu. Launinsa baƙi, fari, baƙi, fari, sai baƙi. Nan ba gardama.

Kibiya kuwa sai an ƙirga. Ka ɗauka tana da mazauni takwas, tsakanin kowane biyu digiri 45. Daga sama zuwa kusurwar sama ta dama, taki ɗaya, bin hannun agogo. Daga nan zuwa kusurwar ƙasa ta dama ta tsallake dama, taki biyu. Daga nan zuwa hagu ta tsallake ƙasa da kusurwar ƙasa ta hagu, taki uku. To 1, 2, 3, sai 4. Taki huɗu rabin zagaye ne, digiri 180, wanda ke kallon hagu ya juya baya. Amsata: kibiya dama, ɗigo baƙi a sama ta hagu. Ni a takardar gwaji nake sa wa mazaunan lamba 0 zuwa 7, in rubuta 0, 1, 3, 6. Na gaba 10 ne, a cire 8 saura 2, kuma 2 ita ce dama. Ido na ruɗi, lamba ba ta yi.

Ta Zariya: To fa! Ashe abin da ya cinye mini maki ke nan.

Mai Kabukabu: Ni na ga kamar kibiyar ɗigon take bi. Ku duba akwati na uku, kai tsaye take nuna shi.

Malamin Lissafi: Gamo ne kawai ɗan'uwa. A na biyu ta ba shi baya. Ƙa'idar da ba ta hau kowane akwati ba, a ajiye ta.

Ɗan Sabon Gari: Mu domino aka ba mu, ba kibiya ba. Saman domino ta farko ɗigo 4, ta biyu 5, ta uku 6, ni kuwa na zauna ina laluben 7 cikin amsoshi har mai gadin ɗaki ya ce saura minti biyar. Sai a waje wani ya ce mini domino ba ta wuce 6, daga nan sai fanko, watau 0. Zagaye ne ita ma, mai mazauni bakwai. Na cije yatsa ranar nan.

Ɗan Bagalam: Malam, na koma hoton, amsarka tana ciki. Sai dai akwai wata mai ɗigo baƙi a sama ta hagu, kibiya kuma tana kallon wannan kusurwar. Idan takin 1, 2, 3 ne ya sake komawa 1, ba ita za ta zama daidai ba?

Malamin Lissafi: Ka yi ido. Daga hagu taki ɗaya lalle can zai kai ta. Gaskiya taki uku kaɗai ba su isa su kore wannan ba. Amma babu abin da ya nuna maimaici a akwatunan da aka ba ka, ƙari kuwa sau biyu ka gan shi, daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 3. A ɗakin jarrabawa ni abin da na gani nake bi. Da akwatuna biyar ne, da mun huta.

Ta Zariya: Ni dai ban gamsu ba. In amsa biyu na iya hawa, laifin mai tambaya ne. Ɗan Bagalam, tambayi abokin naka ko yana da takardar amsoshi.

Ɗan Bagalam: Na kira shi Yaya, ya ce shi ma hoton kaɗai aka turo masa.