Shugabana ya ƙara mini aikin kashiya, yaya zan rubuta masa?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kaya. Kashiyarmu ta tafi hutun haihuwa, shugaban sashenmu ya ce in haɗa da aikinta, kuma da baki ya faɗa. Yanzu ma sai bayan magariba nake tashi. Ina son in rubuta masa cewa ba zan iya ba, cikin ladabi, ba tare da na jawo wa kaina kora ba. Me zan sa a ciki?

Tsohon wakilin ma'aikata: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin ka ɗauki biro, yi mako guda kana rubuta awowinka. "Aiki ya yi mini yawa" kowa na faɗa, lissafi ne ba a musunsa. Mu ƙaddara ka samu haka: sauke motoci da duba kaya awa 15, fitar da kaya da cike takardunsu awa 20, ƙidaya da rahoto awa 11. Awa 46 ke nan, alhali sashe na 80 na dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 awa 40 ya ƙayyade a mako, in ba aikin gona ba. Aikin kashiya kuwa, ko awa biyu yake ci a yini, ya kai ka 56. Hutun haihuwa mako 14 ne, ka ga ba taimakon kwana biyu ake nema ba.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ka fara da ranar da ya yi maka maganar da abin da ya ce, domin umarnin baki ba ya barin sawu. Sai wannan lissafin. Sannan jumlar da ita ce zuciyar wasiƙar, misali: "Da aikin da ke hannuna yanzu, ba zan iya riƙe aikin kashiya yadda ya kamata ba. In kamfani na son in karɓa, ina roƙon a sanar da ni a rubuce wane aiki za a sauke mini." Tunda da Faransanci za ka rubuta, ka guji «je refuse», wato "na ƙi". Wannan kalmar ita ake ɗorawa a takardar neman bahasi a ce ka bijire wa umarni.

Wani direba, Marwa: Yallaɓai, wannan zagaye-zagayen na mene ne? In aikin kashiya ba ya cikin kwantaraginsa, ya ce a'a kawai. Doka na bayansa.

Tsohon wakilin ma'aikata: Da gaskiyarka rabi. Sashe na 42 ya ce in kamfani ya kawo babban sauyi a kwantaragi, ma'aikaci ya ƙi, rabuwar da ta biyo baya a wuyan kamfanin take. To amma kwantaragi da yawa na da layin "da duk wani aikin da aka ba shi", kuma ko riƙon ƙwarya na 'yan watanni babban sauyi ne, wannan sai an je gaban sufeton ƙwadago ko kotu. Ya karanta nasa tukuna.

Wata akanta, Ngawundare: Ƙanena, kana da hujjar da ta fi ta awowi ƙarfi. Ba a haɗa mabuɗin sito da akwatin kuɗi a hannu ɗaya. Mai fitar da kaya daban, mai karɓar kuɗi daban, don takardar wannan ta binciki ta wancan. Ran da aka rasa jaka hamsin ko katan goma, babu wanda zai wanke ka. Ka rubuta wannan a matsayin kare dukiyar kamfani, shugaba zai ji kunyar musawa. In dole ta sa ka karɓa, kada ka taɓa akwatin sai an ƙirga kuɗin a gabanka, ku biyu kun sa hannu.

Ka buga kwafi biyu, sakatariya ta buga tambarin karɓa da kwanan wata a naka. Saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin wannan.

Wani malami: Ni dai a ganina ya nemi ƙarin albashi, shi ke nan.

Akanta: Malam, kuɗi ba sa ƙara wa yini awa. Da ya ambaci alawus, an gane yana iyawa, farashi ake ciniki. Wannan wata wasiƙar ce daban.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. In aika wa babban darakta kwafi?

Tsohon wakilin ma'aikata: A'a, ba a karon farko ba. Tsallake shugabanka cin fuska ne. Ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa takarda na tafe, ka ba shi mako guda.

Akanta: Nan ban yarda ba, Baba. Maganar kuɗi ce, gara ofishin ma'aikata su gani tun ranar farko.