Laimar riyal 4.69 ta iso Makka a kan 7.71: ina na yi kuskure?

Baban Humaira, Shari' Mansur:
Assalamu alaikum jama'a. Na kawo kukana ne don waɗanda suka riga ni shiga harkar su duba min. Shekara takwas ina sarin kaya a Jidda ina kawowa Makka, bana ne na ce bari in yi odar kaina daga China. Laima na saya saboda alhazai, guda 4,800, kowace a kan dala 1.25. Dala 6,000 ke nan, riyal 22,500, wato kowace laima ta tashi 4.69. Da na ga haka sai na bi masu shaguna uku na yi musu alkawarin sari a kan riyal 6.50, har biyu suka ba ni kafin alkalami. Sai da kaya suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Jidda sannan idona ya buɗe. Kuɗin jirgin ruwa na CBM 8, wato kubik mita 8, dala 800, riyal 3,000, inshora 200. Jumruk, wato harajin kwastam, 1,285, dariba, wato harajin VAT, 4,048. Mukhallis, mai fitar da kaya daga kwastam, ya karɓi 700, wakilin jirgi ya karɓi 1,400 na izinin taslim, wato takardar sakin kaya, da sauke kaya, takardun SABER na shaidar ingancin kaya 1,100, ardiyya, wato kuɗin zaman kaya a tasha, 900, mota daga Jidda da 'yan dako 800, banki ya ci 150 wurin tura kuɗi. Duka 36,083. Da muka buɗe kwalaye, guda 120 sun karye. Na raba a kan 4,680 da suka rage, sai ga 7.71. Yanzu duk laimar da na miƙa a 6.50 ina bin ta da sadakar riyal ɗaya da 'yan halaloli. An cuce ni ne, ko haka abin yake?

Ɗan Karantina:
Wa alaikumus salam. Alhaji, mukhallis ɗinka ya yi maka aringizo. Kashi 5 na 22,500 ai 1,125 ne, ba 1,285 ba. Daribar ma kashi 15 na 22,500 bai wuce 3,375 ba. Koma masa da fatura a hannu.

Malam na Bab Sharif:
A'a ɗan'uwa, kada ka haɗa shi faɗa da mutum ba gaira ba dalili. Na yi shekaru ina rubuta bayanin jumruk a ofishin taklis, wato na masu fitar da kaya daga kwastam, lissafin da aka yi masa daidai yake. Jumruk ba ya kallon kuɗin masana'anta kaɗai. Abin da yake kallo shi ne darajar kaya a bakin tashar Jidda, kuɗin saye da na jirgi da inshora a haɗe, abin da za ka ga an rubuta CIF a takarda. Na Alhaji 22,500 da 3,000 da 200, ya zama 25,700, kashi 5 ɗinsa 1,285 cif. Ita kuma dariba a kan wannan 25,700 take hawa bayan an ɗora masa jumruk ɗin. Kashi 15 na 26,985 shi ne 4,048 ɗin da ya biya. Haraji ne a kan haraji, kuma haka tsarin yake.

Shi ya sa idan kuɗin jirgi ya tashi, kamar yadda ya yi tun ƙarshen 2023 da rikicin Bahar Maliya ya dagula zirga-zirgar jirage, ba a wuri ɗaya yake cizonka ba. Duk riyal 100 da aka ƙara maka a jigila, sai ka biya 5 na jumruk a kansa, sannan 15.75 na dariba, ya koma kusan 121.

Kuma Alhaji ka gode wa Allah da kayanka suka faɗa a kashi 5. A watan Yunin 2020 an ɗaga jumruk a kan kaya da yawa, wasu sun kai kashi 15, wasu sun haura. Abin ya danganta da lambar HS ta kayan, wato lambar da kwastam ke rarrabe nau'in kaya da ita. Tun kafin ka tura ko halala ɗaya, ka sa mai masana'anta ya ba ka lambar, ka shiga shafin ZATCA, hukumar haraji da kwastam ta Saudiyya, ka ga kason da ke kanta. Aikin minti biyar ne.

Inda na ga laifinka shi ne ardiyya. Me ya zaunar da kayan?

Baban Humaira:
Shahadar SABER ce, Malam. Ban san kowane zuwan kaya yana da tasa ba. Sai da jirgi ya iso muka fara nema, kaya suka yi kwanaki a mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya.

Malam na Bab Sharif:
To wannan 900 ɗin kuɗin makaranta ne, ba kuɗin laima ba. Ana gama ta tun kaya suna kan ruwa. Sai kuma 1,400 na wakilin jirgi, wanda shi ne ramin da masu haɗa kaya a kwantena ɗaya da wasu suka fi faɗawa. Mai kargo a can zai rage maka farashin CBM don ka shigo hannu, wakilinsa a nan ya fanshe. Idan ana ba ka farashi, ka ce a rubuta maka har da abin da za a karɓa a Jidda. Wanda ya fara kame-kame, ka bar shi.

Hajiya ta Misfala:
Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni tawa ta sha bamban, don jimillar lissafina daidai ta fito, wurin rabo na kwafsa. Na haɗo fulas ɗin shayi manya guda 600 da carbi guda 2,400 a zuwa ɗaya, jigila riyal 3,000. Sai na ce kaya guda 3,000, kuɗi 3,000, kowanne ya ɗauki riyal ɗaya, shi ke nan. Kafin sati biyu fulas ya ƙare ƙarƙaf, ina ta murna ina cewa kasuwa ta yi kyau, carbi kuwa yana jibge a ɗaki har jikokina suna wasa da kwalayen. Ɗan yayata da ke karatun akanta ne ya ɗauki takardar kwalaye ya nuna min: a cikin CBM 10, fulas ya cinye 9, carbi 1 kacal. Ashe kowane fulas riyal 4.50 ya ci na jirgi, carbi kuma halala 12 da rabi. Na karyar da fulas ban sani ba, shi ya sa aka yi masa rubdugu, na kuma tsauwala wa carbi, maƙwabta suna sayarwa ƙasa da ni. Tun daga nan kuɗin jirgi da mota da 'yan dako da girman kwali nake raba su, jumruk da dariba da inshora kuma da darajar kaya.

Abu Fahad, Hindawiyya:
Ni dai ban yarda da 7.71 ba. Dariba ai ba asara ba ce, ana mayar maka da ita. Cire 4,048 ka gani, 32,035 ne, laima ta dawo 6.85. Asarar taka ba ta kai yadda kake kuka ba.

Malam na Bab Sharif:
Abu Fahad, rabin gaskiya ka faɗa. Wanda yake da rajistar dariba, kuma bayanin jumruk ya fito da sunan sijilinsa, wato rajistar kasuwancinsa, shi ne yake cire ta daga abin da zai biya hukuma. Rajistar tana zama dole idan cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, kuma daga 187,500 mutum zai iya yi don ra'ayin kansa. Amma mai rajista dole ya ɗora kashi 15 idan zai sayar. Idan 6.50 ɗin nan har da dariba a ciki, abin da zai shiga aljihunsa 5.65 ne, a kan kayan da suka tsaya masa 6.85. Ka ga ramin bai cike ba. Wanda ba shi da rajista kuwa, 4,048 ta zama cikin kuɗin kaya, babu mai mayar masa.

Baban Humaira:
Ba ni da rajista tukuna, cinikina bai kai ba. 7.71 ɗin ce tawa.

Ummu Aisha, Madina:
Ku da jarinku yake riyal ai kuna cikin inuwa. Riyal a ɗaure yake da dala a 3.75 tun 1986, wanda ya saya da dala ya san inda ya kwana. Ni jarina daga Kano yake, na yayana ne, da naira muke lissafin riba. A 2023 muka sayo abaya da turare aka tura gida, daidai lokacin da aka saki naira a watan Yuni. Dalar da take wajen 460 a banki ta haura 700, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. An sayar da kaya, a takarda riba har ta ba mu mamaki, amma da na mayar da kuɗin riyal ko rabin kayan farko ba su sayo ba. Yanzu Yaya yana cewa a sa farashi da canjin ranar da aka saya, ni ina cewa da canjin ranar da za a sake saye. Har yau ba mu daidaita ba.

Ɗan Karantina:
Hajiya, Alhaji shigo da kaya yake, ke kuma fitarwa kike yi, ba ɗaya ba ne. Amma kin tuna min abu. Ɗaurin nan da dala kaɗai ne. Ni an taɓa yi min farashi da yuwan, kafin in biya cikon kashi 70 canji ya motsa, ga shi na biya da kati banki ya yanki nasa na canjin kuɗin waje. Yanzu da dala nake sa a rubuta min fatura. Na karɓi gyaran Malam a kan jumruk, amma ni duk wannan wahalar na daina ta. Kargo ƙofa zuwa ƙofa nake yi, a faɗa min kuɗin CBM har cikin shago, in biya in huta.

Hajiya ta Misfala:
Hutun yana da daɗi sai ranar da aka riƙe kwantenar saboda kayan wani da ba ka taɓa gani ba. An yi min, kusan wata guda, kuma ba ni da takarda ko ɗaya da sunana da zan bi sawu da ita.

Ɗan Karantina:
Gaskiya ne Hajiya, amma ga mai CBM biyu ko uku, kuɗin mukhallis da taslim kaɗai sun isa su cinye ribar. Ni a nan na tsaya.

Baban Humaira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan la'asar na je wurin mutanen da takardun a hannu. Ɗaya ya duba ya ce zai biya 7.50 saboda zumunci. Na biyu ya ce magana ɗaya ce, 6.50 muka yi, kuma ba zan ga laifinsa ba, zan ba shi guda 1,000 ɗinsa a haka. Na ukun bai ba da komai ba tun farko, na sallame shi. Sauran zan riƙe su zuwa shigowar Zulƙida in sayar ɗai-ɗai. Malam, idan na riƙe su wata biyu, hayar mustauda ita ma a kan laimar zan ɗora, ko a kuɗin shago take?

Malam na Bab Sharif:
Idan don su ka kama wurin, a kansu take. Nawa ne a wata, kuma kwali nawa ya rage?