Shin yawan masu faɗuwa hujja ce ta taɓa makin ci?

Malam Bashir: Ɗalibanmu 120 na ajin jinya sun rubuta jarrabawa, kuma idan makin ci ya tsaya a 50, mutum 66 za su faɗi. A ganina, duk wanda ya dubi wannan adadi kafin ya yanke makin ci ya ha'inci jarrabawar.

Malama Rabi: Malam Bashir, ha'incin yana zuwa ne idan sai bayan an ga sakamako aka fara laluben makin da zai fitar da mutane. Tsarin tsayar da makin ci da wani masani mai suna Hofstee ya kawo a 1983 ya toshe wannan ƙofar, domin kafin a buɗe takardar maki malaman ke amincewa da iyakoki. A ce mun yarda makin ci ba zai gaza 40 ba kuma ba zai haura 55 ba, sannan masu faɗuwa ba za su gaza kashi 10 cikin ɗari ba, ba kuma za su wuce kashi 40 ba. Sai a kan zanen da ke nuna maki da kashin masu faɗuwa a ja layi daga maki 40 da kashi 40 zuwa maki 55 da kashi 10, wato duk maki ɗaya da aka ƙara, faɗuwar da za a lamunta tana raguwa da kashi biyu. A takardar da ka turo, ɗalibai 36 ne ke ƙasa da 45, wato kashi 30, kuma a nan ne daidai layin ya haɗu da sakamakon, don haka 45 ne zai zama makin ci.

Malam Iliya: Ni ma bara na ƙara wa kowa maki biyar, ajin ya zauna lafiya.

Malama Rabi: Ba ɗaya ba ne, Malam Iliya, domin kai bayan ganin faɗuwar ka zaɓi biyar ɗin, kuma ba ka ɗaure kanka da wata iyaka ba.

Hajiya Binta: Ai JAMB ma sai sakamako ya fito ake zaman tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a, ban ga abin kunya a ciki ba.

Malam Bashir: Hajiya, waccan tacewa ce saboda ƙarancin gurabe. Tamu shaida ce cewa yarinya ta iya lissafin maganin da za ta ɗura wa majinyaci. Ɗalibai 30 ne suka cunkushe tsakanin 45 da 49, kuma ban yarda yawansu ya mai da su ƙwararru ba.

Malama Rabi: Cunkoson nan shi ne abin dubawa, domin kowane maki ɗaya yana ɗauke da kimanin mutum shida, alhali tambaya guda mai harshen damo ta isa ta jefa su ƙasa. A fara duba tambayoyin da har goman farko na ajin suka kasa. Amma na yarda da kai a wuri ɗaya: da a ce ko a maki 40 masu faɗuwa sun haura kashi 40, layin ba zai haɗu da sakamakon ba, kuma a nan ba zan sauko ba, sai a binciki koyarwar.

Malam Bashir: To, a ware lissafin magani ya tsaya a 50, sauran mu tattauna ranar zaman sashe.