Na saka wa ɗalibaina waƙar Soweto, sai suka hau rawa

Malama Rabi: Assalamu alaikum, 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina koyar da tarihi, ɗalibaina 'yan shekara 12 zuwa 14. Na saka musu Soweto Blues ta Miriam Makeba don su san abin da ya faru a Afirka ta Kudu, sai suka hau kaɗa kai, biyu ma har da taka rawa. Da na fassara musu, wata ta ce wane ne wannan maigidan da ya aiko wa yara wasiƙa? Na ɗauko bayani tun daga 1948, shekarar da aka fara mulkin wariyar launin fata, kafin in kai rabi sun fara hamma. Ta ina zan kama?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye 1948 tukuna. Kafin ki sake kunna waƙar, ki ba su labarin wasiƙar nan kaɗai, domin ita ce ƙofar shiga. A 1974 gwamnatin wariyar launin fata ta ba da umarni cewa a makarantun baƙar fata, daga ƙarshen firamare zuwa sama, a riƙa koyar da lissafi da darasin zamantakewa da harshen Afirkans, kimiyya kuma da Turanci. Afirkans shi ne harshen masu mulki da 'yan sandansu, kuma malaman da aka ce su koyar da shi, da yawansu ba su iya shi sosai ba. Maigidan da yarinyar ta tambaya, gwamnatin nan ce.

Kada ma ki faɗa musu haka kai tsaye. Ki shiga aji ki ce daga gobe lissafi da wani yaren za a yi, wanda ke kanki kame-kame kike yi a cikinsa, jarrabawa ma da shi. Ki bar su su yi ƙorafi na minti biyu. In hayaniyar ta lafa, sai ki ce to, ranar Laraba 16 ga Yuni 1976, dubban ɗalibai a Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg, sun fito da kayan makaranta a jikinsu, suka nufi filin wasa na Orlando da kwalaye a hannu, 'yan sanda suka tare su suka buɗe wuta. Nan ki tsaya, ki kunna waƙar. Sauran tarihin su da kansu za su roƙe ki.

Abban Khalil: Ai wannan ita ce ranar da aka kashe mutum 69 a gaban ofishin 'yan sanda, lokacin da Mandela ya fito da su. Ki ce musu haka kawai, yara sun san Mandela.

Malam Sabi'u: Abban Khalil, ka haɗa biyu. Mutum 69 ɗin nan na Sharpeville ne, 21 ga Maris 1960, kan takardar izinin zirga-zirga da aka tilasta wa baƙar fata su riƙa yawo da ita. Shekara 16 ne tsakani. A 1976 kuwa Mandela yana kurkukun tsibirin Robben, ɗalibai ne suka shirya abinsu. Amma ka yi gaskiya a kan cewa yara na buƙatar sunan da suka sani. Malama tana iya ce musu Mandela na tsare, ƙungiyarsa an haramta ta tun 1960, shi ya sa nauyin ya faɗo kan yara.

Abban Khalil: To, na karɓi gyara. Ni dai a kaina duk abu ɗaya ne.

Hajiya Binta: Ni fa ban ga abin wahala ba. Ki rubuta musu fassarar baiti-baiti ki raba, kowa ya haddace.

Ummi Jidda: Hajiya, ai ta fassara, a nan ma matsalar ta taso. Malama, ni abin da ya taɓa kayar da ni a wannan waƙar gatse ne. Akwai inda aka kwaikwayi bakin mai karanta labarai yana mayar da kisan ɗan ƙaramin abu da ya faru can cikin gari. Ƙanena da ya ji fassarar sai ya ce, ashe ma abin bai yi muni ba, tunda ita da kanta ta ce kaɗan ne. Yaro ɗan shekara 12 yana ɗaukar duk abin da ya fito daga bakin mawaƙi a matsayin ra'ayin mawaƙin. Abin da na yi shi ne, na buga baitocin a takarda, na ba shi biro kala uku, na ce ya ja layi: nan mai ba da labari ke magana, nan bakin gwamnati aka ara, nan kuma tuhuma ce. Tuhumar tana cikin amshin da ake yi da harshen Xhosa, inda ake tambayar maza ina suke lokacin da ake harbin yara. In yaro ya ja wa baitin gatsen nan layi da kalar mai ba da labari, kin san bai gane ba tukuna.

Malam Sabi'u: Wannan dabarar ta fi tawa. In ƙara abu guda, wanda malamai kan tsallake don kada su rage wa waƙa kwarjini. Waƙar ta nuna kamar umarnin ya soke harsunan yaran ne ɗungurungum. A takarda kuwa an bar musu harsunan gida a darasin addini da kiɗa da motsa jiki, kuma abin da ɗaliban suka fi yi wa bore shi ne cusa musu Afirkans. Hugh Masekela, wanda ya rubuta ta, ba rahoto yake haɗawa ba. Ya dunƙule magana ne don ta shiga baiti, kuma daga shi har Makeba suna gudun hijira a lokacin. Ki gaya wa ɗalibanki haka da bakinki. In ba ki faɗa ba, wata rana mai wayon cikinsu zai karanta a wani wuri, ya ce Malama ta yi mana ƙari. Haka ma yawan waɗanda suka mutu: adadin da aka fi ambata 176 ne, wasu ƙiyasin sun kai ɗaruruwa fiye da haka. Ki ba su duka biyun, ki tambaye su wa zai so adadin ya yi ƙasa.

Baba Idi: Ku nuna musu hoton Hector Pieterson, wanda Sam Nzima ya ɗauka. Yaro ɗan shekara 12, sa'ansu, da aka harba a ranar, wani saurayi ya rungumo shi yana gudu, yayarsa a gefe tana kuka. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara rawa ba.

Maman Sadik: Baba, a yi haƙuri, ni ban goyi baya ba. An nuna wa ɗana irin wannan hoton a makarantarsu ba tare da an sanar da mu ba, ya yi kwana uku yana firgita cikin barci. Kuma rawar ba laifi ba ce, kiɗan ne da daɗi. Su yi rawarsu ranar farko, rana ta biyu su san abin da suke takawa.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan fara da zancen lissafi da baƙon yare, sai waƙar, sai biro kala uku. Hoton kuwa na saka shi a jaka, na ciro, na sake mayarwa. Maman Sadik, da an tambaye ki tun farko, da kin yarda?

Maman Sadik: Wataƙila. In ina zaune kusa da shi.