Jiki na sauya yayi, magani na barin tabo

Mun tattauna da mata masu shekaru daban-daban kan yadda kyawun jiki ke sauyawa. Iyayenmu sun ce a zamaninsu ƙiba ce shaidar hutu, amarya ta rame sai a ce miji ba ya ciyar da ita. Daga baya aka koma son siririya mai shafaffen ciki, ana ta shan shayin rage ƙiba. Yanzu kuma so ake ƙugu ya tsuke, ƙirji da mazaunai su cika, surar da mata ƙalilan ne Allah Ya halitta da ita.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganin ƙiba da 'yan mata ke saye a kemis ko wurin masu talla, musamman gab da biki. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce sau da yawa dexamethasone ne, ana haɗa shi da cyproheptadine mai buɗe ciki. Kitsen da yake kawowa ba ya zuwa inda ake so. Fuska ce ke kumbura ta yi zagaye, tumbi ya fito, ƙeya ta tara kitse, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Sai jan nankarwa a ciki, ga hawan jini da ciwon suga. Abin ya dame ni ƙwarai, don da yawa ɗauka suke ƙiba ce ta lafiya.

Shawarar da ta fi jan hankalina: wadda ta yi makonni tana sha kada ta daina lokaci ɗaya, saboda jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, jini na iya faɗuwa har ta suma. Ta tafi asibiti da kwalin maganin a hannu, likita ya rage mata shi sannu a hankali.